Uku ga Afrilu ko Huɗu ga Maris? Yadda Kwanan Wata Ke Juyewa Tsakanin Kwamfutoci Biyu

Nijeriya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma duk ɗan makarantar Kano ko Sakkwato da aka ce ya taƙaita wannan rana zai rubuta 01/10/1960. Ba'amurke idan ya ga wannan rubutu, 10 ga Janairu zai karanta. Ranar 'yancin Nijar, 3 ga Agusta, wadda ake rubutawa 03/08/1960, a wurinsa 8 ga Maris ce. Dalili kuwa shi ne a Amurka wata ake fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara, alhali a Nijeriya da Nijar da Ghana da Birtaniya da Faransa rana ce ke gaba. Mutum yakan gane abin da ake nufi daga yanayin zancen. Manhajar lissafi irin su Excel ba ta da wannan basira. Abin da take yi shi ne ta duba ƙasar da aka saita kwamfutar a kai, ta karanta kwanan watan da al'adar ƙasar, ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kwamfutoci da yawa da ke ofisoshi da shagunan buga takardu a ƙasar nan an ɗora musu Windows ne da saitin English (United States), ko dai saboda daga can aka shigo da su na hannu, ko kuma mai gyaran da ya ɗora manhajar ya yi ta danna Next bai tsaya ya sauya ba. A ofis guda sai a samu kwamfutar akawu tana kan tsarin Amurka, ta sakatare tana kan na Birtaniya ko na Nijeriya, fayil kuma yana yawo tsakaninsu a filashi ko ta WhatsApp.

Sai dai ba kowace juyewa ce ɓarna ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke jawo wa kansu asara. Akwai juyewar da ido kaɗai ta shafa, akwai wadda ta taɓa ainihin bayanin. Wanda bai iya bambance su ba yakan lalata lafiyayyen fayil da sunan gyara, ko ya amince da ruɓaɓɓe don ya ga yana da kyan gani.

Kafin a gane bambancin sai an san yadda Excel ke ajiye kwanan wata. Ba ta ajiye shi a matsayin rana da wata da shekara. Lamba ɗaya tak take ajiyewa, wato adadin kwanakin da ta ƙirga daga 1 ga Janairu, 1900, wadda ita ce lamba 1. A wannan ƙirge 1 ga Janairu, 2024 ita ce 45292, 3 ga Afrilu, 2024 kuma 45385. Abin da ake gani a kan allo, 03/04/2024, riga ce kawai aka sa wa lambar. Idan an kai fayil mai ƙarshen .xlsx kwamfutar da ke kan tsarin Amurka, sai ta cire masa wannan riga ta sa masa tata, ya koma 4/3/2024, amma wanda ke cikin rigar bai canza ba, yana nan a 45385. Duk lissafin da aka ɗora a kansa, na kwanakin bashi ne ko na shekarun ɗalibi, zai fito daidai. Excel ma tana sanar da hakan a ɓoye: a akwatin Format Cells, tsare-tsaren kwanan wata da ke da tauraro a gabansu su ne masu bin saitin kwamfuta, suna sauyawa duk inda aka buɗe su.

Haɗarin wannan nau'i daga mutum yake zuwa. Ma'aikaci ya buɗe fayil, ya ga 4/3/2024 inda ya san 3 ga Afrilu ake nufi, sai ya goge ya sake buga 3/4/2024 da hannunsa. Kwamfutar, da yake wata take sa rai a farko, sai ta ɗauka 4 ga Maris yake nufi, ta ajiye 45355. Yanzu allo yana nuna abin da ya kwanta masa a rai, amma bayanin ya ja baya da kwana talatin.

Juyewar gaske tana faruwa ne a lokacin da Excel ke mayar da rubutu lamba. Lokuta uku ne aka fi haɗuwa da wannan: sa'ad da aka buga kwanan wata da hannu, sa'ad da aka kwafo shi daga wasiƙa ko shafin intanet aka manna, da kuma sa'ad da aka buɗe fayil mai ƙarshen .csv. Na ƙarshen ya fi yin ɓarna don yana taɓa layuka ɗaruruwa a lokaci guda. Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla, babu wata lamba a ƙarƙashinsa, babu kuma wata alama da ke cewa ga rana ga wata. Irinsa ne manhajoji da yawa ke fitarwa idan an sauke bayanan ciniki, ko jerin ma'aikata, ko rajistar ɗalibai. Da zarar an danna shi sau biyu, Excel za ta buɗe shi, ta fassara kowane kwanan wata da saitin kwamfutar da take kai.

A ɗauki misalin wani mai shagon sari da ya sauke cinikin watan Afrilu na 2024 a fayil ɗin CSV. Don lissafin ya yi sauƙi, a ce layi talatin ne, kowace rana layi ɗaya, kowace rana kuma an yi cinikin naira 50,000, jimilla naira miliyan ɗaya da rabi. Manhajar da ta fitar da fayil ɗin ta rubuta kwanakin yadda muka saba:

```
01/04/2024,50000
02/04/2024,50000
12/04/2024,50000
13/04/2024,50000
```

Yaron shagon ya buɗe shi a kwamfutar da ke kan tsarin Amurka. Layin farko, 1 ga Afrilu, Excel ta karanta shi 4 ga Janairu. Na biyu ya zama 4 ga Fabrairu, na uku 4 ga Maris. Na huɗu, 04/04/2024, ya tsira, don ko ta ina aka karanta shi abu ɗaya ne. Haka aka yi ta tafiya har 12 ga Afrilu, wadda ta koma 4 ga Disamba. Da aka iso 13/04/2024 sai lamarin ya sauya salo. Babu wata na goma sha uku, don haka Excel ba ta iya mayar da shi lamba ba. Ba ta kuma yi ƙorafi ba. Ta bar shi yadda yake, a matsayin rubutu, kamar sunan mutum ko na gari, ta yi haka da duk sauran layukan har zuwa 30 ga wata.

Abin da ya rage a jerin kenan: kwanaki goma sha ɗaya da suka watsu a watannin da ba nasu ba, ɗaya da ya zauna daidai, da goma sha takwas da a idon Excel ba kwanan wata ba ne sam. Idan yaron ya tara kuɗin gaba ɗaya zai samu miliyan ɗaya da rabi cif, hankalinsa ya kwanta. Amma ranar da maigida ya ce a fitar masa da cinikin Afrilu kaɗai, aka sa dabarar da ke tara abin da ya faɗa tsakanin 1 da 30 ga Afrilu, naira 50,000 kacal za ta bayar, cinikin rana guda. Ragowar naira 1,450,000 na nan a fayil ɗin, dabarar ce ba ta ganin su. A shagon da amana ba ta gama zama ba, irin wannan giɓi ya isa a fara zargin yaro da abin da bai ji ba bai gani ba.

Wani abin takaici shi ne a kwamfutar da ta yi ɓarnar ba a ganin komai. Ta karanta 03/04/2024 a matsayin 4 ga Maris, ta kuma nuna shi 3/4/2024, wanda idon Bahaushe zai ci gaba da karantawa 3 ga Afrilu. Sai an ajiye fayil ɗin a matsayin .xlsx, an kai shi kwamfutar da ke kan tsarin Nijeriya, sannan 04/03/2024 zai bayyana ƙarara. Nan take sai a ɗora wa kwamfuta ta biyu laifi, alhali ita tona asirin kawai ta yi.

Lissafin shekara guda yana nuna girman matsalar. Kwanakin da lambar ranarsu ba ta wuce 12 ba su 144 ne, goma sha biyu a kowane wata. A cikinsu 12 ba sa juyewa, irin su 01/01 da 07/07. Sauran 132 suna juyewa shiru, su zama wani kwanan watan da shi ma ingantacce ne a ido. Ragowar 221 a shekara mai kwana 365 rubutu suke komawa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin shekara kenan ke iya sauyawa ba tare da ko alamar gargaɗi ba, kuma su ne mafi haɗari. A jerin magungunan asibiti, wanda zai daina aiki ranar 1 ga Fabrairu, 01/02, zai koma 2 ga Janairu, a zubar da shi da sauran wata guda. Wanda kuwa zai daina aiki ranar 11 ga Maris, 11/03, zai koma 3 ga Nuwamba, ya ƙara kusan wata takwas a kan kanta. A rajistar makaranta ko ta ma'aikata, ranar haihuwa ce ke sauyawa, daga baya mutum ya je wurin tantancewa a ce bayanansa ba su yi daidai da na takardar haihuwarsa ba.

Ta yaya ake ganewa? Alamar farko a gefen rubutun take. Idan ba a taɓa saitin jerin ba, Excel tana jingina lamba da kwanan wata a gefen dama na gurbi, rubutu kuma a gefen hagu. Sai a faɗaɗa jerin a duba. Idan wasu kwanakin sun jingina dama wasu hagu, kuma duk na hagun daga 13 suke zuwa sama, to an riga an yi ɓarnar. Sau da yawa ma siffarsu ta bambanta: na daman sun zubar da sifirinsu sun zama 1/4/2024, na hagun suna nan da nasu, 13/04/2024.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a leƙa lambar da ke ƙarƙashi. A zaɓi jerin duka, a danna Ctrl+1, a zaɓi General. Kwanan wata na gaske zai koma lamba mai gida biyar irin 45385, rubutu kuma zai tsaya ƙyam yadda yake. Wanda ba ya son ganin lambobi sai ya zaɓi Custom ya buga dd-mmm-yyyy, wanda zai fito da sunan watan da haruffa, 03-Apr-2024 ko 04-Mar-2024. Daga nan sai ya ɗauko rasit ɗaya ko takarda ɗaya da ya tabbatar da ranarta, wadda ba ta wuce 12 ga wata ba, ya gwada. Idan sunan watan ya yi daidai da na takardar, fayil ɗin lafiya lau yake, kada a taɓa komai. A misalin mai shagon akwai wata alama da ke fitowa fili: duk kwanakin da suka zama lamba ranarsu 4 ce, watan ne ke ta hawa daga Janairu zuwa Disamba. Cinikin wata guda ba ya yin haka.

Maganin da ya fi kowane inganci shi ne a koma ga ainihin fayil ɗin CSV da ba a taɓa ba, a shigo da shi ta ƙofar da ta dace maimakon danna shi sau biyu. A buɗe Excel babu komai, a je Data, a zaɓi From Text/CSV, a nuna mata fayil ɗin, sannan a danna Transform Data. A tagar da za ta buɗe, Excel takan riga ta yi nata hasashen, wanda ke bayyana a gefen dama da sunan Changed Type. A goge wannan mataki tukuna. Sai a danna kan jerin kwanakin da maɓallin dama, a bi Change Type zuwa Using Locale, a zaɓi Date, a ƙasansa kuma a zaɓi English (United Kingdom). Abin lura a nan shi ne ƙasar da ake zaɓa ta fayil ɗin ce, wato al'adar wanda ya rubuta shi. Idan daga wata ƙungiya ta Amurka ya zo da wata a gaba, English (United States) za a zaɓa, ko da kwamfutar a Zariya take. Masu amfani da LibreOffice Calc sun fi samun sauƙi, domin ita takan buɗe tagar tambaya kafin ta shigo da CSV, inda ake danna jerin a zaɓi Date (DMY).

Idan kuwa ainihin fayil ɗin ya ɓata, abin da ya rage shi ne gurɓataccen jerin, akwai sauran dabara. A ce kwanakin suna jerin A, daga layi na 2. A wani jerin daban sai a rubuta wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=IF(ISNUMBER(A2),
 DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),
 DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Aikinta biyu ne. Idan gurbin lamba ce, to yana cikin waɗanda suka juye, sai ta mayar da ranar wata, watan kuma rana: 4 ga Maris ya koma 3 ga Afrilu. Idan rubutu ne, sai ta yanka shi gida uku, huɗun ƙarshe shekara, biyun tsakiya wata, biyun farko rana, ta haɗa kwanan wata na gaske. Bayan haka a sa wa sabon jerin tsarin dd-mmm-yyyy, a gwada wasu layuka da takardun asali kafin a yarda da shi.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta ɓaro-ɓaro. Tana aiki ne kawai idan duk jerin da rana a gaba aka rubuta shi, kuma sau ɗaya ya juye gaba ɗayansa. Idan wata ba shi da sifiri a gaba, kamar 13/4/2024, ko an haɗa lokaci a bayan kwanan watan, yankan zai faɗa inda bai dace ba. Mafi muni shi ne fayil ɗin da hannu da yawa suka shiga: wani ya gyara wasu layuka, wani ya ƙara sababbi a wata kwamfutar. A nan lamba mai kyau da juyayya sun cakuɗe, kuma babu abin da ke bambance 45355 na gaskiya da 45355 da ya samo asali daga kuskure. Dabarar za ta juya su duka, ta gyara wasu ta ɓata wasu. Babu wata hanya a irin wannan hali sai a koma ga littafin rajista ko rasitai, a bi layukan da ranarsu ba ta wuce 12 ba ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abu biyu da mutane ke gaggawar yi waɗanda ba sa gyara komai. Sauya tsarin nuni a Format Cells zuwa dd/mm/yyyy ba ya taɓa lambar, ba ya kuma mayar da rubutu lamba. Sauya saitin ƙasa a Windows shi ma ba ya warkar da fayil ɗin da ya riga ya lalace aka ajiye shi. Amfaninsa na gaba ne. Duk da haka ya kamata a yi shi: a Windows 11 ana bin Settings, Time & language, Language & region, a sauya Regional format zuwa English (Nigeria) ko English (United Kingdom). Aikin minti biyu ne, kuma ofishin da ya daidaita duk kwamfutocinsa a kan tsari ɗaya ya rage wa kansa yawancin wannan ciwon kai. Google Sheets ta bi wata hanyar daban, domin a wurinta saitin ƙasa yana manne ne da fayil ɗin kansa, a ƙarƙashin File, Settings, Locale, don haka duk wanda ya buɗe shi abu ɗaya zai gani. Amma idan tun farko United States ke wurin, duk abin da aka buga ko aka shigo da shi da al'adar Amurka za a karanta shi.

Ga wanda ke tura bayanai wajen ofishinsa, inda ba shi da iko da kwamfutar mai karɓa, zaɓi biyu ne masu aminci. Ya tura .xlsx maimakon CSV, don lambar ta yi tafiya da kanta. Idan kuma dole sai CSV, ya rubuta kwanan watan da tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, wanda aka fara wallafawa a 1988: shekara mai gida huɗu, sannan wata, sannan rana, wato 2024-04-03. Excel tana karanta wannan daidai a tsarin Amurka da na Birtaniya da na Faransa. Sai dai a kula, idan aka buɗe irin wannan CSV a Excel aka sake ajiye shi, abin da allo ke nunawa shi za ta rubuta, sai kwanakin su koma tsarin kwamfutar, matsalar ta dawo sabuwa. Kafin a ajiye sai an sa wa jerin tsarin yyyy-mm-dd.

Wasu sun fi son rubuta sunan watan, kamar 03-Apr-2024, kuma ga idon mai karatu babu abin da ya fi shi. A cikin .xlsx ba shi da matsala. A cikin CSV kuwa yana da tarko ga masu hulɗa tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram. Kwamfutar da ke kan tsarin Faransanci ta yarda rana ce a gaba, kamar ta Nijeriya, amma sunayen watanninta daban ne. Afrilu a wurinta avril ne, don haka ba za ta gane Apr ba, sai ta bar shi a matsayin rubutu, yayin da za ta iya gane Oct da Nov don sun yi daidai da nata. Jerin ya sake rabuwa biyu kenan, wannan karon bisa sunan wata. Ita kuma waƙafi mai ɗigo take sa rai tsakanin bayanan CSV da cikin dabarun lissafi, sunayen dabarun ma a Excel ta Faransanci daban suke, IF ya zama SI, YEAR ya zama ANNEE. Ɗan kasuwar da ke aika wa abokin cinikinsa na Nijar lissafi gara ya aika masa .xlsx, domin a cikinsa Excel da kanta take fassara sunayen watanni da na dabaru zuwa harshen kwamfutar da ta buɗe shi.